Ban taɓa zana gini ba, me zan saka a kundin ayyukan neman gurbin karatun zanen gine-gine?

"Kawu Injiniya, barka da aiki. Ni 'yar Jidda ce, bana zan gama sanawiyya, kuma ina son karanta zanen gine-gine. Biyu daga cikin jami'o'in da nake nema a waje sun ce sai na turo fotfoliyo, wato kundin ayyukana. Ni kuwa ban taɓa zana gini ba, abin da nake da shi zanen fensir ne na furanni da fuskoki da na kwaikwayo daga waya. Yayana ya ce in koyi manhajar SketchUp in zana filla biyu ko uku masu kyau in tura. Haka ake yi? Wane aiki ake zaɓa, yaya ake jera shi, kuma me ake nufi da a nuna yadda aka yi tunanin zanen?"

'Yata, ki gaishe da yayanki, amma ki ajiye maganar fillar nan tukuna. Na ga irinta ba adadi a kundin yaran da ake kawo mini in duba: gida mai hawa biyu, gilashi daga sama har ƙasa, wurin ninƙaya a gaba, mota baƙa a ƙofa, sararin sama shuɗi tas. Mai dubawa yana wuce wannan shafi kafin ya ƙifta ido, domin ya san inda aka samo shi. Shekara uku zuwa biyar za su yi suna koya miki zana gini, ba su sa ran ki zo da shi a hannu ba. Abin da ba za su iya dasa miki cikin sauƙi ba shi ne ido mai lura da kuma haƙurin gwada abu sau uku, to waɗannan biyun suke lalube a cikin shafukanki.

Kafin mu shiga ciki, ki rarrabe jami'o'in da kike nema, don ba duka ke tambayar kundi ba. A jami'o'in gwamnati na nan Saudiyya, irin su ta Sarki Abdul'aziz da Ummul Ƙura, ginshiƙin shiga digirin farko shi ne makin sanawiyya da na jarrabawar Ƙudurat da ta Tahsili. A Najeriya ma ta JAMB ake bi. Birtaniya ce da wasu makarantun Amurka aka fi sani da neman kundi tun daga matakin farko. A Birtaniya ana cika takardar nema ta UCAS, daga baya kowace jami'a mai son kundi ta aiko da nata sharuɗɗan. Waɗannan sharuɗɗa, na yawan shafi da girman fayil da ranar rufewa, su ne sama da duk abin da zan faɗa miki. Idan sun ce shafi goma, to goma ne, ko da na goma sha ɗayan ya fi duka kyau. Kuma kundi ba ya ɗinke ɓarakar maki ko ta jarrabawar Turanci, kowanne da ƙofarsa.

Abin da ya cancanci shiga

Furannin da fuskokin da kika kwaikwayo daga waya sun yi miki amfani, sun saba wa hannunki da fensir. Sai dai hoto ya riga ya yi miki rabin aikin: ya zaɓi inda za a tsaya, ya baje abu mai kauri ya mai da shi shimfiɗaɗɗe, ya daskarar da haske. Wanda ya saba dubawa yana gane zanen da aka ɗauko daga hoto, saboda komai a cikinsa daidai yake da komai, babu inda mai zanen ya yi kokawa. Zanen da aka yi a gaban abin kuwa yana da layin da aka goge aka sake, yana da gefen da ya ɗan karkace, kuma wannan karkacewar tana gaya mana mutum ya zauna ya duba.

Saboda haka ki sayi littafin zane ƙarami wanda zai shiga jaka, da fensir mai taushi irin 2B da 4B, ki fara zana abin da ke gabanki. Matattakalar gidanku daga ƙasa kina kallon sama. Kicin bayan an gama girki, tukwane a kife. Takalman da aka zube a ƙofar falo ranar da aka yi baƙi. Allah ya kuma ajiye ki a garin da ɗaliban wasu ƙasashe ke biyan kuɗin jirgi su zo su gani. Balad, tsohuwar Jidda, tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2014. Ki je da safe kafin rana ta yi zafi, ki zauna gaban gida ɗaya, kada ki ce za ki zana unguwar duka. Ki dubi yadda aka jera dutsen manƙabi, wanda daga murjanin teku aka sassaƙo shi, da katakon da aka shimfiɗa a jikin bangon bayan kowane 'yan layuka don ya ɗaure ginin ya raba nauyi. Ki zana roshan, wato tagar katakon nan mai fitowa waje daga jikin bango, guda ɗaya sau uku: daga nesa, daga kusa, sannan ki yi ƙoƙarin zana shi kamar an yanka shi da wuƙa, a ga inda mutum ke zama a ciki da inda iska ke shiga. Zane na ukun zai fito a karkace. Shi ne kuma wanda zan fi tsayawa a kansa da ni ke dubawa.

Kada ki raina abin da hannunki ya riga ya iya don kawai ba a kiransa zanen gini. Wata yarinya da na taimaka wa ta ɓoye mini cewa tana ɗinki, sai a zama na uku na gani a wayarta. Yanka yadi shimfiɗaɗɗe a haɗa shi ya zauna a jikin mutum, ai shi ne abin da muke yi da kwano da katako. Muka saka takardun yankan da rigar da aka gama a shafi ɗaya. Lalle, saƙa, rubutun haɗɗi, gyaran keke, duk suna shiga, in dai naki ne kuma za ki iya nuna yadda aka faro.

Akwai masu tambayata game da zana mai rai. Hukuncin wannan na malamai ne, ki tambayi wanda kika yarda da shi. Ta fuskar kundi dai, ba dole sai da fuska ba. Abin da ake bukata shi ne a gane girman wuri idan an kwatanta da jikin mutum, kuma inuwar mutum marar fuska, ko kujera, ko tabarma da buta, suna biyan wannan bukata. Ki kuma kiyaye ɗaukar hoton mutane a titi ba da izininsu ba, kin san ƙasar nan ba a wasa da wannan.

Aiki ɗaya da aka bi tun daga tushe

Zane-zanen lura su ne rabin kundin. Ɗaya rabin, wanda ya fi nauyi, aiki ne guda ɗaya da kika ɗauko matsala ta gaske kika bi ta har kika kai ga wata mafita. A nan ne maganar nuna tunani take, kuma bayani a baki ba zai gamsar da ke ba, gara in ba ki labarin wani yaro da muka yi aikin tare.

Ya zo mini da filla shi ma. Na tambaye shi wane wuri ne a gidansu ake son zama amma ba a iya zama. Bai yi dogon tunani ba ya ce suɗuhi, wato buɗaɗɗen saman gidan. Kakarsa tana son hawa sama bayan la'asar ta sha iska, amma rana ba ta barinta sai dab da magariba, ga kuma benen maƙwabta da ya fi nasu tsawo yana leƙo su. Na ce to ga aikinka.

Makon farko bai zana mafita ko ɗaya ba, na hana shi. Ya ɗauki tef ya auna saman gidan: mita 8 a mita 10, katangar gefe mita 1.2, ɗakin matattakala a gabas, tankin ruwa da injinan mukayyif a kusurwar kudu. Ya zana shi a ma'aunin 1:50, wato kowace santimita 2 a takarda mita ɗaya ce a ƙasa, sai duk saman ya zama santimita 16 a 20, ya zauna daram a takardar A4. Ya yi kwafin wannan fulan guda huɗu, ya hau sama ƙarfe 9 na safe, da azahar, da ƙarfe 3, da ƙarfe 5, kowane lokaci ya shafa fensir a inda inuwa ta kwanta. Ya ɗaura zare a sanda ya ga inda iska ke kaɗa shi, ya tarar yawanci daga arewa maso yamma take zuwa, kamar yadda duk ɗan Jidda ya sani a jikinsa ko bai taɓa faɗa ba. Ya kuma sa alama a inda kakar ke shimfiɗa darduma, jingine da bangon ɗakin matattakala. Waɗannan takardu huɗu masu dattin yatsa su suka zama shafin farko na aikin.

Sannan ya yi abin da kowa zai fara yi: rumfa. Faɗinta mita 3 daga bango, tsawonta mita 4, tsayinta mita 2.4. Ya gina ta da kwali da tsinken tsire a ma'aunin 1:20, ta zama santimita 15 a 20, tsayi 12. Ya hau da ita sama, ya daidaita ta da arewa ta amfani da kamfas ɗin waya, ya ɗauki hoto. Da azahar abin sha'awa, inuwa ta cika ƙarƙashinta. Ba mamaki, watan Yuni ne, kuma a wannan yanki rana tana tsayawa kusan a tsakar ka. Kin san a ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuli ma takan daidaita a kan Ka'aba har a rasa inuwa. Amma kakarsa ba ta hawa sama da azahar. Da ƙarfe 5 ya koma, ya tarar da ƙasan rumfar duka a rana. A wannan lokacin rana ta sauko zuwa wajen digiri 27 daga ƙasa, inuwar kowane abu ta ninka tsayinsa sau biyu, don haka inuwar rufin ta tsallake daɓen ta hau bango, ta fara daga santimita 90 zuwa sama. Mai zama a darduma kansa bai kai nan ba. Rumfar ta yi wa bango inuwa ta bar tsohuwa a rana.

Ya so ya jefar da wannan kwalin. Na ce ko kusa, wannan hoton na ƙarfe 5 ya fi duk fillarka daraja.

Gwaji na biyu, ya toshe gefen yamma da bango. Inuwa ta samu, idon maƙwabta ya kau. Sai ya manna siraran yankan tishu a cikin samfurin, ya kunna fanka daga arewa maso yamma, tishun da ke bayan bangon ko motsi bai yi ba. Ya gane da kansa cewa rana da iska kusan ta gefe ɗaya suke zuwa masa, abin da ya tare ɗaya ya tare ɗayar. Wannan ita ce ainihin matsalar aikin, kuma bai san da ita ba sai da ya gina abu biyu da suka kasa. A nan na tura shi Balad ya dubi roshan, da ido daban da na mai yawon buɗe ido, domin masassaƙan da suka yi shi wannan matsalar suka warware.

Gwaji na uku ya zama shinge na filayen katako a kwance, kowanne faɗin santimita 10, tsakaninsu santimita 5. Lissafin mai sauƙi ne: tunda hasken ƙarfe 5 yana sauka santimita ɗaya a duk tafiyar santimita biyu, kafin ya ƙetare faɗin katakon ya sauka santimita 5, ya faɗa kan na ƙasa. Iska kuwa ta wuce, tishu ya kaɗa. Da ƙarfe 6 rana ta ƙara sauka, haske ya fara zurarowa ta tsakani, sai ya karkata filayen, bakin waje ya yi ƙasa, wanda hakan ya ƙara tare idon mai leƙowa daga sama. Bai gina ta da gaske ba, kuɗi bai kai ba. Ya dai yanka kwali a cikakken girma, mita ɗaya a mita ɗaya, ya kafa a wurin, ya zauna a bayansa ya ɗauki hoton zanen haske da inuwa a kan dardumar. A shafin ƙarshe ya rubuta abin da bai warware ba: ƙura za ta taru a kan filayen, kuma katako a danshin Jidda mai gishiri yana son kulawa duk shekara.

Shafi shida aikin ya ci, babu kwamfuta a ciki sai wajen jerawa. Ki lura da abin da ya sa ya yi aiki. Kowane mataki amsa ne ga gazawar wanda ya gabace shi, har mai dubawa zai iya rufe rubutun da hannu ya bi labarin da hotuna kaɗai. Wannan shi ake nufi da nuna tunani. Abin da yara da yawa ke yi shi ne su gama zanen ƙarshe, sannan su koma su ƙirƙiro 'yan zane-zanen farko don cike shafi. Ana gane wannan nan take: zanen farkon ya yi tsaf da yawa, kuma duk suna kama da na ƙarshen, babu hanyar da aka bi aka tarar ba ta ɓullewa. Don haka daga yau kada ki yar da takarda, ki rubuta kwanan wata a kusurwar kowace, ki ɗauki hoton kowane samfuri kafin ki farke shi.

Ba sai kin yi suɗuhi ba. Cunkoson takalma a ƙofar sashen mata na masallacin unguwa, ko inda ake jiran motar makaranta a rana, ko kicin da mutum biyu ba sa iya wucewa, duk sun isa. Sharaɗin kawai ya zama wurin da za ki iya zuwa da tef ki auna, ki kuma koma sau da yawa. Ƙaramin wuri ya fi, domin filin jirgi ko asibiti ba za ki iya gwada komai a kansu ba, sai dai ki yi musu ado.

Jerawa

Idan jami'a ba ta ƙayyade ba, ni nakan ba da shawarar shafi 15 zuwa 20, a kwance, domin a allon kwamfuta za a duba, shafi ɗaya bayan ɗaya. Ki fara da aikin da ya fi ƙarfi, kada ki ɓoye shi a tsakiya kina jiran a iso. Mai dubawa yana da tarin kundaye a gabansa, kuma shafuka ukun farko ne ke yanke masa ko zai rage gudu. Bayansa zanen lura, sai aikin hannu kamar ɗinkin tufafi ko sassaƙa, ki rufe da abu na biyu a ƙarfi. Jerin shekara, wato daga abin da kika yi a aji ɗaya zuwa yau, yana sa mafi raunin aikinki ya zama sallamarki. Duk aikin da kika tsaya kina shakka a kansa, cire shi. Kundi mai shafi 12 da babu rauni a ciki ya fi mai 20 da aka cika da ciko, saboda aikin da kika zaɓa ki saka shi ma yana nuna idonki.

A kowane shafi a sami abu ɗaya da ya fi sauran girma, wanda ido zai fara sauka a kai, sauran su zama masu rakiya. Kuskuren da na fi gani shi ne hotuna tara masu girma ɗaya an jera kamar tayil, ba a san na kallo ba. Ki ja wa kanki layukan jagora, misali ki raba faɗin shafin gida uku, ki bar gefe daidai a kowane shafi, take da lambar shafi su zauna wuri guda tun daga farko har ƙarshe. Farin wuri ba asara ba ne. Bango fari, nau'in rubutu ɗaya, babu furanni a kusurwa, babu launin zinariya. Na san mu nan muna son ado, katin biki ma sai ya yi ƙyalli, amma a kundi adon yana gasa da aikin.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Kin yi karatu da Larabci, idonki ya saba farawa daga dama, kuma ba tare da kin sani ba za ki ajiye gwajin farko a dama, na ƙarshe a hagu. Baturen da zai duba daga hagu zai fara, sai ya ga kamar kin faro da shinge mai kyau kin ƙare da rumfar da ta kasa. Ya faru da yaron nan, sai da muka juya shafi biyu. Idan kundin na Turanci ne, komai ya tafi daga hagu zuwa dama, ki sa lamba 1, 2, 3 a ƙarƙashin matakan.

Rubutu kaɗan ake so. A farkon kowane aiki jimla biyu ko uku: mene ne matsalar, a ina, ga wa. A ƙarƙashin kowane hoto layi ɗaya mai faɗin abin da aka yi da shi, girmansa ko ma'auninsa, da shekara, sannan abin da aka gano. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: wannan zane yana nuna haɗuwar al'ada da zamani cikin jituwa. Na biyu: samfuri na 1, kwali, 1:20, ƙarfe 5 na yamma a Yuni, inuwa ta hau bango ta bar daɓe. Na farkon zai zauna a ƙarƙashin kowane hoto a duniya, na biyun kuwa na wannan hoton ne kaɗai. Ki rubuta da Turancin da kike iya magana da shi, wani ya duba miki kuskure, amma kada ya sake miki shi da manyan kalmomin da za ki kasa maimaitawa ranar ganawa. Idan kuma wani ya sa hannu a aiki, ko na rukuni ne a makaranta, ki faɗi ɓangaren da kika yi.

Inda aiki mai kyau yake lalacewa

Sau da yawa ba a zane ake faɗuwa ba, a ɗaukar hotonsa ne. Zanen fensir da aka ɗauka da waya a ɗaki da dare yana fitowa rawaya, da inuwar hannu a gefe, layukan sun dushe. Ki kai su maktaba mai na'urar sikan a ɗauka a 300 dpi, ki ce a yi da launi ko da zanen baƙi da fari ne, domin saitin takardun ofis yana cinye launin toka ya bar baƙi da fari kawai, duk taushin inuwar ya tafi. Ki duba fayil ɗin kafin ki bar shagon. Wanda ya fi ƙarfin na'urar, ki manna shi a bango a waje cikin inuwa da safe, ki tsaya daidai tsakiyarsa, wayar a miƙe, ba filasha. Samfurin kwali kuma ki ɗora shi a kan baƙin yadi, tsohuwar abaya ma ta isa, haske ya zo daga gefe ɗaya, ki sauko da wayar daidai idon ɗan mutumin da zai tsaya a ciki. Hoton da aka ɗauka daga sama yana mai da shi abin wasan yara.

Wajen jerawa, InDesign shi ne na ma'aikata, amma PowerPoint ya isa idan kin saita girman shafin da kanki, misali santimita 42 a 29.7, wato A3. Ki guji samfuran da aka riga aka tsara a Canva, ana ganinsu a kundi bayan kundi. Ki fitar da shi PDF guda ɗaya. Idan ya fi girman da aka yarda, ki rage hotunan zuwa wajen 150 dpi, wanda ya ishi allo, maimakon ki matse fayil ɗin gaba ɗaya har rubutu ya dagule. Sannan ki buɗe shi a wata kwamfutar da ba taki ba, ki karanta rubutu mafi ƙanƙanta ba tare da kin zuƙo shi ba. In bai karantu ba, ƙara masa girma ko ki rage shi.

SketchUp ɗin da yayanki ya ambata ba laifi ba ne ki koya, zai yi miki amfani a shekarar farko. Idan kin gama gwaji da kwali, kina iya gina mafitar ƙarshe a ciki, ki saka wurin Jidda da kwanan wata, ki kwatanta inuwar da ya ba ki da wadda kika ɗauka a sama. Hoto ɗaya na wannan kwatanci ya isa.

Game da lokaci, aikin suɗuhin nan ya ɗauki mako shida, jerawa da gyara suka ci wasu biyu, littafin zane kuwa yana son watanni kafin a sami abin zaɓa a ciki. Ki ƙirga baya daga ranar rufewa, ki kuma cire makonnin jarrabawar ƙarshe da na Tahsili, don ba za ki taɓa kwali a cikinsu ba.

In an kira ki ganawa ta bidiyo, ki ajiye littafin zanen da samfuran a kusa da ke. Tambayar da aka fi yi ita ce me za ki canza da za ki sake aikin. Da aka yi wa yaron nan ita, ya ɗago kwalin farko ya nuna musu, ya ce da zai sake, kafin ya auna komai zai fara tambayar kakarsa ƙarfe nawa take hawa, domin mako guda ya ɓata yana yi wa azahar rumfa. Kafin ki tura naki, ki ba mahaifiyarki ta duba ba tare da kin ce uffan ba, sannan ta ba ki labarin babban aikin da bakinta. Duk shafin da ta tsaya ta ce "nan kuma me ya faru?", akwai matakin da kika tsallake, ki koma cikin takardun da kika adana ki nemo shi.